Ma'ajiyar da Rubutu ke Cinyewa: Yadda Na'ura ke Tuna Saitinta Bayan an Ɗauke Wuta

Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar kallon talabijin, aka dawo da ita bayan awa uku, akwatin zai tashi a tashar da ka bar shi, ƙarar ma tana nan yadda ka saita ta. Haka inbata take tuna irin batirin da aka gaya mata an haɗa, haka injin ƙyanƙyasar ƙwai yake tuna zafin da aka ce ya riƙe. A yawancin irin waɗannan kaya akwai wata 'yar ma'ajiya da ake kira EEPROM, wadda aikinta kenan: ta riƙe 'yan lambobi ko babu wuta. Masu gyaran talabijin na da sun san ta sarai, ita ce ƙaramar ayisin nan mai ƙafa takwas da ake ganin 24C08 ko 24C16 a bayanta, wadda idan ta lalace akwati ke manta tashoshinsa kullum. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wannan ma'ajiya tana da adadin rubutun da za ta iya ɗauka a rayuwarta, kuma mai rubuta firogiram marar lura zai iya cinye adadin nan kaf kafin shayin gabansa ya huce.

Bari mu ɗauki na'ura guda mu bi ta daki-daki. Allon Arduino Uno, wanda ɗaliban kwalejojin fasaha suka fi yin aikin kammala karatu da shi, yana ɗauke da ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P. A cikinta akwai ma'aji iri uku. Akwai inda firogiram ɗin kansa yake zaune. Akwai inda na'urar ke lissafinta na yanzu-yanzu, wanda ke gogewa tas da zarar wuta ta ɗauke. Na ukun shi ne EEPROM, mai gurabe 1,024, kowane gurbi yana ɗaukar bayit ɗaya, wato lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Kamfanin da ke yin ta ya rubuta a takardar bayaninta cewa ya ɗauki alkawarin gogewa da rubutawa sau 100,000, kuma kowane rubutu yana cin kimanin milisakan 3.3. Karatu kuwa ba shi da iyaka. Ka karanta gurbi sau miliyan a wuni, babu abin da zai same shi.

Me ya sa rubutu ke cin ta, karatu bai ci? A cikin kowane gurbi akwai wasu 'yan ɗakuna da ido ba ya gani, an zagaye kowanne da siririn bango wanda lantarki ba ya ratsawa. Idan an tara cajin lantarki a cikin ɗakin, ma'anarsa daban, idan an kwashe, ma'anarsa daban. Da yake bangon ba ya barin cajin ya fita, shi ya sa bayanin ke zama shekara da shekaru ba wuta. To amma kafin a rubuta sabon abu dole a tura caji ya ratsa wannan bangon da ƙarfin tsiya, ta hanyar ɗaga ƙarfin lantarki sama da wanda na'urar ke aiki da shi. Duk ratsawa ɗaya tana barin ɗan lahani a jikin bangon. Kamar takarda ce da abin goge fensir: dubawa ba ta rage ta da komai, amma kowace gogewa tana ɗan cin fuskarta, har ranar da za ta huje. Kuma takardar ba ruwanta da ko abin da ka goge ka sake rubutawa shi ne dai wanda ke wurin tun farko. Ka goge 5 ka sake rubuta 5, ta ci gogewa ɗaya.

Dubu ɗari lamba ce mai cika kunne, shi ya sa take yaudarar mutane. Sai an raba ta da lokaci ake ganin girmanta ko ƙanƙantarta. Wanda ke canza saiti sau goma kullum zai yi kwana dubu goma kafin ya kai iyaka, wato sama da shekara 27, na'urar ma ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan. Wanda ke rubutawa kowace awa yana da shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni. Idan kowane minti ne, kwana 69. Idan kowane sakan ne, bai kai awa 28 ba. Wanda kuma ya saka umarnin rubutu a cikin zagayen da firogiram ke maimaitawa ba tsayawa, ba abin da ke rage masa gudu sai milisakan 3.3 ɗin nan, to minti biyar da rabi sun ishe shi ya ƙone alkawarin kamfani ƙurmus.

Wannan na ƙarshen ba almara ba ce, shi ne kuskuren da masu koyo suka fi yi. Mu ɗauki mai haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwan kaji. Yana so injin ya riƙe zafi wajen digiri 37.5 na tsawon kwana 21, kuma ya sa maɓallai biyu na ƙarawa da ragewa don mai kiwo ya daidaita zafin da kansa. Ya san halin wutarmu, ya san za a yi ta sauyawa tsakanin NEPA da janareta da batir, don haka yana so kowane lokaci injin ya tashi ya tuna saitinsa. Sai ya yi abin da ya fi sauƙi, ya sa `EEPROM.write()` a cikin `loop()`, don kowane zagaye a adana zafin da aka zaɓa. A kan teburinsa komai zai tafi daidai: ya kashe, ya kunna, saiti na nan. Bai san a ranar gwajin kaɗai gurbin ya sha rubutu fiye da abin da aka tsara masa na tsawon rayuwa ba.

Abin da ke sa wannan cuta ta yi wuyar ganewa shi ne ba ta nuna kanta nan take. Na farko, dubu ɗarin nan mafi ƙarancin abin da kamfani ya lamunta ne, yawancin gurabe sukan zarce shi nesa kafin su gaza. Na biyu, muddin akwai wuta injin yana aiki ne da lambar da ke cikin ma'ajin lissafinsa, ba ya waiwayar EEPROM. Sai ranar da aka ɗauke wuta da tsakar dare, injin ya tashi, ya karanto gurbin da ya gaji, ya samo wata lamba dabam, ya shiga riƙe zafin da ba wanda ya zaɓa. Gurbin da ya tsufa iri biyu yake yi: ko dai wani ɓangarensa ya maƙale ya ƙi karɓar sabon rubutu, ko ya karɓa amma cajin ya zurare bayan wani lokaci. Na biyun ya fi sharri, domin idan ka rubuta ka karanta a take za ka ga daidai ne.

Maganin farko ba shi da wuya, kuma ya fito ne daga abin da muka faɗa, cewa karatu kyauta ne. Kafin ka rubuta, duba abin da ke gurbin. Idan shi ne dai abin da kake shirin rubutawa, ka ƙyale shi.

```
if (EEPROM.read(0) != sabo) {
  EEPROM.write(0, sabo);
}
```

Masu Arduino sun riga sun dunƙule wannan cikin umarni ɗaya, `EEPROM.update(0, sabo)`. Ga lambar da ta fi ƙarfin gurbi ɗaya kuma akwai `EEPROM.put()`, wanda a kan Uno yake bin gurabe ɗaya bayan ɗaya da wannan dabarar, ya taɓa wanda ya canza kaɗai. Mai injinmu zai iya adana digiri 37.5 a matsayin 375, lambar da ke cin gurbi biyu. Idan mai kiwo ya ƙara zuwa 376, gurbi ɗaya ne kawai zai sha rubutu, ɗayan ba a taɓa shi ba. Da wannan gyara na layi guda, injin da ke rubutu ɗaruruwa a sakan ya koma rubutu sai ranar da aka taɓa maɓalli. Har saurinsa zai ƙaru, tunda ya daina tsayawa jiran rubutu a kowane zagaye. A ganina babu wani dalilin da zai sa mai adana saiti ya yi amfani da `EEPROM.write()` tsurarsa.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke sakin jiki, alhali da sauran rina a kaba. Umarnin `update` tambaya ɗaya ya iya: lambar ta canza ko ba ta canza ba? Bai san canjin da mutum ya nufa da wanda iska ta kawo ba.

A ce maimakon maɓallai, mai injin ya sa abin murɗawa irin na ƙarar rediyo. Arduino yana karanta matsayinsa a matsayin lamba daga 0 zuwa 1023. Ko ba wanda ya taɓa shi, lambar ba ta tsayawa cak. Yanzu 512, an jima kaɗan 513, ta dawo 512, saboda ɗan kaɗawar lantarki da ba a rasawa, balle a kan wutar janareta. A wurin `update` kowane kaɗawa canji ne, sai ya rubuta. Mutum na ganin ya bi ƙa'ida, gurbi kuwa na can yana cinyewa kamar da. Maganin shi ne kada a karɓi canji sai ya kai wani girma, misali sai lambar ta matsa da huɗu ko biyar daga wadda aka adana, ko kuma a mayar da ita zuwa matakan da ke da ma'ana ga aikin tare da barin 'yar tazara a tsakaninsu, don kada ta tsaya a kan iyaka tana lilo.

Maɓallan ma da nasu. Mai kiwo da ke son tashi daga 36.0 zuwa 37.5 zai danna sau goma sha biyar, ko ya danne ya riƙe lambobi na gudu. Kowane mataki canji ne na gaske, amma guda ɗaya ne kawai ya cancanci adanawa, wato na ƙarshe. Don haka ake jira. Idan an taɓa maɓalli sai a canza lambar a ma'ajin lissafi, a sa alamar cewa akwai abin da ba a adana ba, a duba agogo. Sai an yi sakan biyar ba a sake taɓawa ba sannan a rubuta sau ɗaya.

```
if (anCanza && millis() - lokacinTabawa > 5000) {
  EEPROM.put(0, zafi);
  anCanza = false;
}
```

Abin da za a rasa kaɗan ne: idan wuta ta ɗauke cikin sakan biyar ɗin, injin zai tashi da tsohon saiti. Wasu na'urori kan kauce wa wannan da maɓallin adanawa na musamman, shi ya sa a inbata da yawa sai ka danna na tabbatarwa kafin saiti ya zauna.

Akwai kuma lambar da aikinta ke nan ta canza, kuma a kanta `update` ba ya tsinana komai. Injin ƙyanƙyasa yana bukatar sanin kwana nawa ƙwai suka yi, domin a wajen kwana na 18 ake daina juya su a ƙara danshi. Idan wuta ta ɗauke ya manta lissafi, an shiga uku. Mai injin sai ya ce bari ya riƙa adana ƙidayar mintoci. Kwana 21 minti 30,240 ne. Zubi uku sun ci 90,720, ana cikin na huɗu za a tsallake dubu ɗari, wato injin bai yi wata uku yana aiki ba. Idan ya koma adana awoyi, zubi ɗaya rubutu 504 ne, gurbin zai ɗauki zubi kusan ɗari biyu, kuma mafi munin abin da zai faru idan wuta ta ɗauke shi ne lissafi ya yi baya da ƙasa da awa ɗaya, abin da bai dami ƙwai ba. Wanda ya fi wannan ma shi ne a sa ɗan agogo mai batirinsa, irin DS3231, a rubuta ranar da aka zuba ƙwai sau ɗaya tak, kullum a riƙa cire ta daga ranar yau. Rubutu ɗaya a zubi, kuma har lokacin da injin ya yi a kashe yana cikin lissafi. Sau da yawa tambayar da ta fi amfani ita ce ko akwai wani abin da ba ya canzawa wanda za a adana a madadin mai canzawar.

Idan kuwa babu makawa sai an yi ta rubutu, sai a raba nauyin. Gurabe 1,024 ne, ba dalilin da zai sa biyu su mutu sauran na zaune. Ana ware misali wurare hamsin, a rubuta a na farko, na gaba a na biyu, har a zagayo. Kowane rubutu yana tafiya da lambar jeri, don idan na'ura ta tashi ta duba wanda ya fi sabunta. Wurare hamsin sun ninka rayuwar sau hamsin. Tarkon da ke ciki shi ne mutum ya ware wani gurbi guda yana rubuta inda aka tsaya a kowane karo, sai wannan gurbin ya mutu a daidai lokacin da na farkon zai mutu, an gudu ba a tsira ba.

Rage rubutu yana da wata riba da ta fi shafar mu masu fama da ɗaukewar wuta. Lokacin rubutu shi ne lokacin da bayani ya fi zama cikin haɗari. Mu koma ga ƙidayar awoyin nan mai cin gurbi biyu. A cikin kwana na goma sha ɗaya za ta tashi daga 255 zuwa 256, kuma a wannan matakin gurabe biyun ne ke canzawa: na farko ya faɗo daga 255 zuwa 0, na biyu ya tashi daga 0 zuwa 1. Idan wuta ta yanke bayan an rubuta na farko kafin na biyu, abin da ya rage shi ne 0 da 0. Injin zai tashi yana ganin yanzu aka zuba ƙwai. Tagar 'yar ƙarama ce, milisakan kaɗan, amma wanda ke rubutu kowane sakan ya buɗe ta sau 86,400 a wuni, mai rubutu kowace awa kuwa sau 24. Ƙari a kan haka, idan ƙarfin wuta ya yi ƙasa-ƙasa ba tare da ya yanke ba, ƙwaƙwalwar kan iya rikicewa ta rubuta shirme. Shi ya sa kamfanin ya ba da shawarar a kunna mai gadin da ke cikinta, wanda ake kira BOD, don ya tsayar da ita cak idan wuta ta faɗi ƙasa da ƙima. Masu taka-tsantsan kuma sukan ajiye kwafi biyu, kowanne da lambar tantancewa da aka lissafo daga bayanin, idan ɗaya bai yi daidai ba a ɗauki ɗayan.

Wannan tantancewar tana magance wata matsalar ta ranar farko. Sabuwar EEPROM da ba a taɓa rubuta mata komai ba 255 ce a kowane gurbi. Gurbi biyu a haɗe za su ba da 65,535, ko -1, ya danganta da irin lambar da aka ce a karanto. Injin da ya yarda da wannan zai ɗauka an ce ya riƙe zafin sama da digiri dubu shida, sai ya kunna hita ya ƙi kashewa. Don haka duk abin da aka karanto a auna shi da hankali: idan zafin bai faɗa tsakanin 350 da 400 ba, a yi watsi da shi a koma 375, a kuma nuna alama a fuskar injin don mai kiwo ya san an yi haka. Layi biyu ne, amma su ne tsakanin gurbin da ya lalace da kiret-kiret na dafaffen ƙwai.

A kula, ba kowace ma'ajiya mai wannan suna ke da hali ɗaya ba. Ayisin waje irin 24LC256 an lamunce mata rubutu miliyan ɗaya, amma tana aiki ne da shafuka masu bayit 64, kuma lissafin tsufanta na shafi ne, don haka raba rubutu tsakanin gurabe maƙwabta a shafi guda ba ya ƙara komai. Allunan ESP8266 kuwa ba su da EEPROM ta gaskiya, aron wani yanki suke yi daga ma'ajin firogiram, ba abin da ke zama sai an kira `EEPROM.commit()`, kuma idan akwai canji wannan kiran yana goge yanki mai bayit 4,096 gaba ɗaya ko da bayit ɗaya aka taɓa. A can, kiran `commit` ake ƙirgawa.

Kada kuma a ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne kaɗai. A farkon 2021 kamfanin Tesla ya yi kiranyen motoci kusan 135,000 samfurin Model S da Model X a Amurka, saboda ma'ajin da ke bayan babban allon motar ya cinye da yawan rubutu har allon ya daina aiki. Ma'ajin nasu nau'in filash ne, ɗan'uwan EEPROM mai irin wannan bangon da irin wannan tsufan.

Ga mai gyara da aka kawo wa na'ura mai mantuwa, alamar da ta fi nuna gurbi ya gaji ita ce saiti guda ɗaya ne ke ɓacewa ko ya koma wata lamba bayan an kashe an kunna, sauran suna nan lafiya. Gwajin shi ne a rubuta 0 a gurbin a karanta, a rubuta 255 a karanta, a gwada 85 da 170, sannan a cire wuta na ɗan lokaci a sake dubawa. Idan gurbin ne, a kan Uno ba sai an sayi sabuwar ƙwaƙwalwa ba, ana iya matsar da saitin zuwa wani gurbin da ba a taɓa ba. Amma a gyara firogiram ɗin tukuna, in ba haka ba sabon gurbin zai bi sawun tsohon. Kai kuma mai haɗa na'ura, kafin ka miƙa ta ga mai ita, sa firogiram ya buga layi ɗaya da `Serial.println()` duk lokacin da ya yi rubutu na gaske, ka bar ta a kunne awa ɗaya ba ka taɓa komai ba, ka ƙirga layukan. In saiti kaɗai take adanawa, bai kamata ka ga ko ɗaya ba.